In gobara ta tashi: me za a faɗa wa 'yan kwana-kwana a waya?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya shigo, ga masu ɗumama ɗaki da garwashi, ga hita a bokiti kowace asuba. Mu matan layinmu mun yanke shawarar rubuta wata 'yar takarda mu manna a kowane zaure: lambar da za a kira in gobara ta tashi, da abin da mutum zai faɗa. Lambar ba ita ce matsalata ba, maganar ce. In an ɗauka, da me zan fara? Na san akwai tsohon ma'aikacin kashe gobara a zauren nan. Baba, a taimaka mana.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya, 112 kawai, ko ba kati a wayarki tana shiga. Ki ce gobara ce a wuri kaza, shi ke nan. Amma ni dai ban ga amfanin dogon bayani ba, kafin su zo an gama ƙonewa, kuma rabin lokaci ba da ruwa suke zuwa ba.

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka muku da alheri. Ɗan Kwari ya yi daidai a kan 112, kyauta ce, amma ku san cewa ba ofishin kashe gobara take shiga kai tsaye ba. Cibiyar kiran gaggawa take zuwa, su kuma su miƙa wa ofishin da ya dace. Saboda haka ku tura yaro ofishin kwana-kwana mafi kusa da ku ya karɓo lambar ɗakin da ake amsa waya, ku rubuta ta a sama, 112 a ƙasanta. In ɗaya ba ta shiga ba a gwada ɗayar, kuma mutum biyu su kira a tare ba laifi ba ne.

Abin da za ki fara faɗa shi ne wuri. Kafin sunanki, kafin labarin yadda wutar ta tashi. Dalili kuwa waya tana yankewa, caji yana ƙarewa. In layi ya katse bayan kin faɗi wuri, mota za ta iya fita. In ya katse kina cikin cewa "wallahi muna zaune kawai muka ji ƙauri", wanda ke riƙe da waya ba shi da abin da zai ba direba.

Kuma sunan unguwa kaɗai ba wuri ba ne. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Gusau. A cikin Kano ma Rijiyar Zaki daban, Rijiyar Lemo daban, ɗaya ta wajen titin Gwarzo, ɗaya a titin Katsina. Mutum yana haki yana kuka, "Rijiyar" kawai ake ji, sauran ya tafi a cikin ihu. Haka Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama. Sai ki faɗi gari, unguwa, babban titin da za a biyo, sannan wata alama da direba zai gani daga kan kujerarsa: gidan mai, masallacin Juma'a, makarantar firamare, taransifoma. "Kusa da gidan Alhaji" ba alama ba ce ga wanda bai taɓa shiga unguwar ba.

Maman Iman: Baba, ko za ka rubuta mana misali yadda za mu kwafa? Mu canja sunan wurin kawai.

Baba Mai Ritaya: To, a ce gidan a Rijiyar Lemo yake. Ga yadda nake son in ji:

"Gobara ce a Kano, Rijiyar Lemo, titin Katsina. In kun fito daga cikin gari, bayan gidan mai, layi na biyu a hannun dama, gida na huɗu mai koren ƙyaure. Gidan haya ne mai ɗaki shida a jere, ba bene ba. Ɗaki biyu sun kama, wutar ta shiga silin. Akwai tsohuwa a ɗakin ƙarshe, ba ta iya tafiya, tagarta tana kallon layin baya. Akwai tukunyar gas biyu a kicin da jarkar fetur kusa da janareto. Akwai wutar nefa yanzu. Layin yana da faɗi amma an kafa rumfar biki a bakinsa, ku shigo ta layi na uku. Yaro mai jar riga zai tsaya a bakin titi da babur. Sunana wance, wannan ce lambata."

Ki karanta shi da ƙarfi ki gani, bai kai minti ɗaya ba. Kuma kowace jimla a ciki tana canja abin da za a yi. Da aka ce akwai mutum a ciki, tun a mota wasu za su fara goya tukunyar iska suna ɗaura abin rufe fuska, kuma za a nemi motar asibiti. Da aka ce tagarta tana layin baya, can za a nufa da abin yanka ƙarfe, ba za a ɓata lokaci ana lalube ɗaki ɗaki cikin hayaƙi ba. Da a ce bene ne, tsani za a tanada. Maganar fetur tana sa a zo da kumfa, domin fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara yana ci. Maganar nefa kuma don a nemi yanke wutar kafin a saki ruwa a kan wayoyi.

Bayan kin gama, kada ki kashe. Ki bari shi ya ce ya gama, don zai maimaita miki kwatancen, kuma a nan ake kama kuskure. Sannan ki bar wayar a sake, kada ki shiga kiran dangi da ita. Direba zai kira in ya zo mararraba, in ya ji layi a cike sai ya tsaya yana tambayar masu shayi.

Uwar Biyu: Ni wallahi na san kaina, in abu ya faru bakina rawa yake yi, ko sunan layinmu ba zan tuna ba.

Maman Iman: Shi ya sa muke son a rubuce, 'yar'uwa. Kwatancen gida ba ya canjawa, sai a karanta daga bango. Abin da za a ƙara da baki shi ne me ke ci da wa ke ciki.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Mu nan Nijar 18 ce lambar masu kashe gobara, 17 ta 'yan sanda. Na faɗa ne don akwai 'yan ƙasarmu da yawa a zauren nan.

Abu Zango: Mu a Gana 192, kuma 112 ma tana aiki.

Mai Gyaran Wuta: Ƙarin bayani kan nefa. In mita ko fis yana waje, nesa da inda ke ci, a cire. In yana cikin zauren da hayaƙi ya cika, a bar shi. Kuma gidan da ke da sola a faɗa musu, domin ko an ɗauke nefa batir yana nan da wuta, farantan da ke kan rufi kuma in dai akwai rana suna ba da wuta. Mutane suna mantawa da wannan, su ce ai babu nefa.

Baba Mai Ritaya: Madalla, a ƙara wannan a takardar. Bari in koma kan maganar Ɗan Kwari ta zuwa ba ruwa, don tana hana mutane kira. Ɗana, motocin da na yi aiki da su lita 4,000 zuwa 5,000 suke ɗauka. Mesa ɗaya in an buɗe ta sosai tana fitar da wajen lita 400 zuwa 500 a minti. Ka yi lissafi, minti goma ke nan, in mesa biyu ce minti biyar. Wanda ya iso wurin daga baya sai ya ga mota ta juya, ya ce ba su zo da ruwa ba, alhali ɗebowa suka tafi. Ban ce ba a taɓa samun sakaci ko lalacewar mota ba, ana samu. Amma ruwan da zai kashe ɗaki ɗaya ba zai kashe layin shaguna ba, kuma abin da ke tsakanin ɗaki ɗaya da layin shaguna shi ne mintunan da aka yi ana fama da bokiti ba wanda ya kira. Kowa yana zaton wani ya kira. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce wane, kai ne mai waya. In girman wutar ya wuce ɗaki, a faɗa tun farko don a taso da tankar ruwa. In akwai rijiyar burtsatse mai tanki ko kududdufi kusa, shi ma a faɗa.

Ɗan Kwari: Na ji Baba, lissafin ya shige ni. Amma mu 'yan kasuwa abin da muka gani a gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba zai bar mu mu zauna jiran mota ba. Mutum yana kallon jarinsa na shekara ashirin, a ce kada ya shiga ya ja ko dila biyu? Ni abin da na sani, ka jiƙa bargo sharkaf ka lulluɓa, ka ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma, ka shiga ka fito da sauri. Na ga waɗanda suka yi haka suka fito lafiya.

Anti Nas: Ɗan'uwa, don Allah kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kariya ce. Jiƙaƙƙen tsumma yana tare toka da baƙin da ke yawo, yana ɗan sanyaya iskar, iyakarsa ke nan. Gubar da ke cikin hayaƙi iska ce, tana ratsa tsumma yadda numfashinka ke ratsa shi. Babbar cikinsu ita ce kabon monoksaid, ba launi ba wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, don haka kana shaƙa tana ture oksijin daga jininka. Katifar soso da kushin kuma in suna ci suna fitar da sayanaid. Abin tsoro shi ne ƙwaƙwalwa take fara taɓawa. Mutum ba ya jin cewa yana mutuwa, sai dai ya rikice, ƙafafu su yi nauyi, ya nemi ƙofar ɗakin da ya shekara goma yana kwana a ciki ya rasa ta. A cikin hayaƙi mai kauri numfashi kaɗan ya isa mutum ya zube. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke kashe su, wasu ana fito da su jikinsu ba ƙuna ko ɗaya.

Tsumman yana da amfani ga wanda ke ciki yana neman fita, yana rarrafe a ƙasa inda iska ta fi kyau. Ga wanda ya riga ya fita, ba dalilin komawa ba ne.

Baba Mai Ritaya: Anti ta faɗi ɓangaren jiki, bari in faɗi na ginin. Ɗakin da ka baro ba shi ne ɗakin da za ka koma ba, ko da minti biyu ne tsakani. Hayaƙi mai zafi yana taruwa a ƙarƙashin silin yana saukowa. In zafinsa ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, duk abin da ke ɗakin, labule, katifa, kafet, kayan sawa, yana kamawa a lokaci guda, ba wai wuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A ɗaki mai kayan soso da roba wannan yana iya faruwa cikin minti uku zuwa biyar da tashin wuta. Mu da rigar aiki da tukunyar iska ma gudun wannan lokacin muke yi. Bargo mai ruwa a irin wannan zafi tururi yake zama, ya dafa fatar wanda ya lulluɓa.

Na biyu, ƙofa. Wuta a rufaffen ɗaki tana cinye iskar ciki ta lafa, sai hayaƙi. Kana buɗe ƙofa ka ba ta abin da take nema, ta taso ta nufo ƙofar da kake tsaye. Alamunta daga waje: gilashin taga ya yi baƙi, ƙyaure ya yi zafi, hayaƙi yana fita ta ƙasan ƙofa yana komawa. Ka ga haka, kada ka taɓa.

Na uku, wanda ya fi cin mutane a gidajenmu na haya da shagunan kasuwa, shi ne sama. Bangon da ke raba ɗaki da ɗaki yawanci a silin yake tsayawa, bai kai kwano ba. Wuta tana shiga silin sai ta bi katakon rufi ta ratsa duka jerin. Kai kana ƙasa kana ganin shagonka lafiya lau, ba hayaƙi sosai, alhali samanka yana ci. Ka shiga jan dila, silin na roba ya narke ya zubo maka, ko katako da kwano su rufto su tare ƙofa. Waɗanda ka gani sun fito lafiya, Ɗan Kwari, Allah ne ya kiyaye su. Na ɗauko waɗanda ba su fito ba, kusa da ƙofa, da kayan a hannu.

Ɗan Kwari: Innalillahi. Allah ya jiƙansu. To shagon da wutar ba ta iso layinsa ba fa?

Baba Mai Ritaya: Ginin da ba ya haɗe da mai ci, ba hayaƙi, iska ba ta kaɗowa wajensa, wannan kwashe kaya ne, daban yake. Amma in rufinku ɗaya ne, ginin ɗaya ne, ko shago goma ne tsakaninku. Kuma masu kwashe kaya su bar wa mota hanya. Kura da adaidaita sahu sun sha tare mu a bakin kasuwa.

Sabon Ango: Tambaya don Allah, nawa ake biyansu in sun zo? Kuma wace tukunyar kashe wuta ta fi kyau a saya a mota?

Baba Mai Ritaya: Ba a biyan ma'aikatan gwamnati kuɗin kashe gobara, kada tsoron kuɗi ya hana kowa kira. Maganar tukunya ka buɗe mata zance daban, ango, zan amsa maka a can.

Uwar Biyu: Baba, ka yi haƙuri. Kaya na yarda, takardu na yarda, kuɗin adashi ma su ƙone. Amma in ɗana yana ciki, wallahi ba wanda zai riƙe ni. Ba zan tsaya a waje ina waya ina jin kukansa ba.

Maman Iman: Wannan ita ce tambayar da duk muke ɓoyewa.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, ba zan ce miki zuciyar uwa tana bin doka ba. Ina da 'ya'ya da jikoki. Amma ki saurari abin da idona ya gani.

Sau da yawa yaron da aka koma nema ba ya ciki. Maƙwabciya ta suri shi ta fita ta wata ƙofa, ko yayansa ya ja shi sun yi bayan gida. Uwa ta fito ba ta gan shi ba cikin duhu da cunkoso, ta koma. Saboda haka a takardar nan taku ku rubuta wuri ɗaya da kowa zai tsaya, gindin bishiyar ƙofar gida ko bakin masallaci, a ƙirga kai a can da suna. Yara su san shi tun yau.

In kuma da gaske yana ciki, ke ce kaɗai kika san ɗakin, kika san gefen da gadon yake, kika san cewa in ya tsorata ƙarƙashin gado yake shiga ko bayan sif. Yara ɓuya suke yi wa wuta, ba gudu ba. Wannan sanin shi ne zai kai mai tukunyar iska kansa kai tsaye. In kika shiga kika faɗi, sanin ya tafi da ke, kuma ke za a fara cin karo da ke a hanya, a ɗauko ki, yaron ya ƙara jira.

Kuma tsayawa a waje ba naɗe hannu ba ne. A zagaya ta tagar ɗakin da yake. In babba ne ko yaro mai wayo, a yi masa magana ta nan: ya rufe ƙofar ɗakin, ya toshe ƙasanta da zane, ya zo bakin taga ya yi ƙasa. Rufaffiyar ƙofa tana sayen mintuna masu yawa. Maza su kawo guduma da diga su cire ƙarafan tagar, ko su fasa bangon ta waje, bulo da ginin ƙasa duk suna fasuwa. An ceci mutane da yawa ta haka, masu ceton suna tsaye a iska mai kyau. Sai dai a fasa ɗakin da mutumin yake, kada a bi tagogin gidan ana farfasawa wai hayaƙi ya fita, iska ake ƙara wa wutar.

Uwar Biyu: Na ji, kuma zan yi maganar wurin taruwa da yarana yau. Amma jariri da ba ya jin magana, a ɗakin da ba taga ta waje? Ɗakina haka yake, tagarsa tsakar gida take kallo. Ban san me zan yi ba, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Baba Mai Ritaya: Ban da amsar da za ta kwantar miki da hankali a kan wannan. Abin da zan ce, a gyara tun yanzu: jariri ya kwana inda hannunki zai kai gare shi, kada a bar shi a ɗaki da garwashi ko kyandir ko hita a kunne ko na minti ɗaya, kuma in za ki fita ki fita da shi a karon farko. Ki duba bangon bayan ɗakin naki, ki san layin da yake kallo, don ki iya nuna inda za a fasa.

Anti Nas: Wani abu da mata ke komawa dominsa shi ne mayafi. Mace ta fito da kayan barci, ta ga maza sun cika layi, kunya ta mayar da ita ɗauko hijabi. Maƙwabta mata, in kun ji ihun gobara ku fito da zannuwa da hijabai a hannu. Sannan duk wanda ya shaƙi hayaƙi a kai shi asibiti ko ya ce lafiyarsa lau, musamman in muryarsa ta dishe, ko akwai baƙi a hancinsa da majinarsa, ko gashin hanci ya babbake, ko yana ciwon kai da jiri. Maƙogwaro yana iya kumbura bayan sa'o'i ya toshe numfashi. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi za a yi ta zuba mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba.

Mai Gyaran Wuta: A ƙara maganar makulli. Gidaje da yawa ana datse get da kwaɗo da dare, makullin yana aljihun maigida, shi kuma ya yi tafiya ko yana ɗakin da ke ci. A rataye ɗaya a ƙusa kusa da ƙofar, inda kowa ya sani.

Ɗan Kwari: Wannan kam sai an yi shawara, don a unguwarmu ɓarayi ta saman katanga suke dirowa, su tarar da makulli a rataye an sauƙaƙa musu fita da babur.

Mai Gyaran Wuta: To a ba kowace matar gida nata, ta ajiye a inda za ta lalubo cikin duhu.

Maman Iman: Na kwafi misalin Baba na sa kwatancen layinmu, na bar gurbi biyu na abin da ke ci da wanda ke ciki. Baba, layinmu mota ba ta shiga saboda kwatar da aka haƙa a bakinsa, sai ta baya ta wajen makarantar allo. In rubuta hanyar bayan kawai, ko duka biyun?

Baba Mai Ritaya: Ta bayan kawai ki rubuta, ki ƙara da cewa kada a biyo ta gaba, akwai kwata. Gobe da rana ki sa wani mai mota ya bi kwatancen daga babban titi yana karantawa, ki ga ko zai kawo shi ƙofar gidan ba tare da ya tambayi kowa ba. In ya ɓata, ki turo mini inda ya ɓata mu gyara.